Yadda tabon ƙurajen fuskata yake dushewa, wata bayan wata

6 ga Janairu

Yau na fara rubuta wannan, saboda madubi ba ya gaya mini gaskiya. Wata rana sai in ga kamar tabon fuskata ya yi sauƙi, washegari kuma in ga kamar ya ƙara baƙi, alhali babu abin da ya canja sai hasken ɗakin. Don haka na yanke shawarar in riƙa ɗaukar hoto sau ɗaya a wata, a gaban taga ɗaya, da ƙarfe tara na safe, bayan na wanke fuska ta bushe, ba hoda ba komai. Ina riƙe farar takarda kusa da kuncina a kowane hoto, domin waya takan gyara haske da kanta, kuma idan takardar ta fito fari ɗaya a hotuna biyu to zan iya kwatanta su.

Na ƙirga tabo 23 daga goshi zuwa muƙamuƙi. Ba zan iya bin su duka ba, sai na zaɓi uku, na auna su da rula.

Na kuncin dama faɗinsa milimita 5 ne, launinsa ƙasa-ƙasa, ya ɗan ɗara fatata duhu kaɗan. Ƙurjin da ya bar shi ya warke a watan jiya, ban taɓa shi ba. Na haɓa milimita 7, ya fi duhu sosai, kuma wannan ni na matse shi da farce har sau biyu. Na uku yana kan muƙamuƙin hagu, milimita 9, ya haura shekara ɗaya a wurin. Wani babban ƙurji ne mai zurfi da zafi wanda bai taɓa yin baki ba ya bar shi. Launinsa daban ne da sauran, toka-toka ne da ɗan shuɗi-shuɗi, kuma gefensa bai fita sosai ba, kamar tawadar da ta jiƙe a takarda.

Duka ukun a shafe suke. Idan na rufe ido na shafa da yatsa ba na jin rami ko tudu.

15 ga Janairu

Na ga likitar fata. Abin da ta fara yi shi ne abin da na yi da yatsana, ta shafa wuraren, ta karkatar da fuskata ta haska daga gefe. Ta ce: "Malama, labari mai daɗi shi ne waɗannan launi ne kawai. Fatar ba ta lotsa ba, ba ta kuma yi tudu ba." Ta bambanta mini su. Tabon da ya lotsa ko ya taso nama ne ya canja, man shafawa ba ya cika gyara shi, kuma masu duhun fata sun fi yin irin mai tasowar nan a muƙamuƙi da ƙirji da kafaɗa. Nawa kuwa launi ne ya taru bayan kumburi, kuma irin wannan yana dushewa.

Bayanin da ta yi mini ya zauna a kaina, shi ya sa zan rubuta shi dalla-dalla. A ƙasan fatar sama akwai ƙwayoyin halitta masu yin melanin, sinadarin da ke ba fata launi. Yawansu kusan ɗaya ne a jikin baƙi da fari. Bambancin yana wurin aikinsu: namu sun fi yin melanin, suna zuba shi a ƙunshi manya, kuma abu kaɗan ke tayar da su. Idan ƙurji ya kumbura, sinadaran da jiki ke saki a wurin kumburin suna zaburar da ƙwayoyin nan, sai su yi ta zuba launi fiye da kima. Ƙurjin ya warke cikin kwana goma, launin kuma ya tsaya.

Inda launin ya tsaya shi ne ke yanke tsawon zamansa. Idan yana cikin fatar sama, zai fito ƙasa-ƙasa, kuma fatar sama tana sabunta kanta kusan duk wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi, tana turo tsofaffin ƙwayoyi waje. Kowane zagaye yana tafiya da wani kaso na launin, shi ya sa irin wannan yakan dushe cikin wata 6 zuwa 12 idan ba a sake tayar da wurin ba. Amma idan kumburin ya yi tsanani har ya ɓarka iyakar da ke tsakanin fatar sama da ta ƙasa, melanin yakan zube ƙasa. A can wasu ƙwayoyin garkuwar jiki suke haɗiye shi su zauna da shi, kuma fatar ƙasa ba ta saɓa kamar ta sama. Shi ne mai fitowa toka-toka ko shuɗi-shuɗi, kuma shekaru yake ɗauka. Ta nuna na muƙamuƙina ta ce wannan ke nan. Na tambaye ta ko matsa ƙurji na iya tura launin ƙasa, ta ce sosai ma, farce yana ɓarka iyakar nan kamar yadda babban ƙurji yake yi.

Na je da niyyar a ba ni maganin tabo, sai ta fara da ƙurajen. Ta tambaye ni sababbi nawa ke fito mini a wata, na ce kamar takwas. Ta ce to ina ƙara tabo takwas duk wata, kowanne kuma zai yi wata shida ko fiye, ta yaya fuskar za ta washe? Ta rubuta mini adafalin, maganin ƙuraje na shafawa, mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari, in shafa da dare sau uku a mako, ɗan kaɗan kamar rabin farcen ƙaramin yatsa ga fuska duka, a kan busasshiyar fata, sannan in bi da man laushin fata. Da safe man kariya daga rana mai SPF 30 ko sama, wato lambar ƙarfin kariyar da ake rubutawa a jikin kwalba. Ta tambaye ni ko ina da ciki ko ina neman samu, domin ba a amfani da adafalin da danginsa a lokacin. Ta ce sai ya yi mako 8 zuwa 12 kafin a san aikinsa.

9 ga Fabrairu

Na yi kuskure, kuma zan rubuta shi yadda ya faru. Mako biyu na farko ban ji komai ba, sai na ɗauka fatata ta jure, na koma shafawa kowane dare, na kuma ƙara yawan abin da nake matsowa. Da fatar ta fara saɓa a gefen baki sai na sa abin goge fuska mai tsakuwa-tsakuwa na dirje ɓawon. Washegari gefen bakina da gefen hanci suna raɗaɗi ko ruwa ne ya taɓa su, fatar ta ɗame tana sheƙi.

Abin da ya ruɗe ni shi ne ban ga ja ba. Duk bayanan da ke kan takardar maganin suna cewa a kula idan fata ta yi ja, mu kuwa jan ba ya fitowa fili a fatarmu. Alamunmu su ne zafi, raɗaɗi lokacin shafa mai, ɗamewa, ɓawo mai toka-toka, da wurin ya ɗan yi duhu ko ya yi kamar shunayya. Duk na ga waɗannan kwana uku kafin in dirje, ban gane su ba.

Na kira likita. Ta ce in ajiye adafalin gaba ɗaya har raɗaɗin ya tafi, in tsaya a sabulun wanke fuska mai sanyi, man laushi da man rana. Ta ce abin da na yi kumburi ne shi ma, kuma ƙwayoyin launi ba su san bambancin kumburin ƙurji da na magani ba.

Hoton wannan watan: babu canji a ukun da nake bi. Sababbin ƙuraje bakwai.

2 ga Maris

Maganarta ta tabbata. Gefen bakina ya yi duhu, wani shaci mai faɗin yatsa biyu a kowane ɓangare, ya fi kowane tabo a fuskata girma. Na yi kuka da na ga hoton, ba zan ɓoye ba.

Na koma kan adafalin bayan hutun kwana goma, dare biyu a mako, Litinin da Alhamis. Yanzu ina fara shafa man laushi, in jira ya shiga, sannan in ɗora maganin, kuma ina kauce wa gefen baki da gefen hanci da kewayen ido. Babu raɗaɗi zuwa yanzu.

6 ga Afrilu

Wata uku ke nan. Na kunci ya fara sauka. A hoto gefensa ya narke cikin fata, duhun ya rage a tsakiya kamar milimita 3. Na haɓa yana nan da faɗinsa, sai dai kamar ya ɗan yi haske. Na muƙamuƙi bai motsa ba. Sababbin ƙuraje huɗu a watan Maris, rabin abin da na saba.

Likita ta ƙara mini asid ɗin azelayik mai kashi 20 cikin ɗari da safe. Ta ce yana rage aikin sinadarin da ƙwayoyin launi ke amfani da shi wajen haɗa melanin, yana kuma taimakawa a kan ƙurajen kansu, kuma ba ya cika ƙwace launin lafiyayyar fatar da ke kewaye. Yana yi mini ƙaiƙayi kamar minti goma bayan shafawa. Ta ce wannan an saba, zai ragu cikin makonni, amma idan ya koma raɗaɗi mai daɗewa in rage zuwa kwana ɗaya bayan ɗaya.

Inda muka daɗe muna magana shi ne man rana. Ta ce in nuna mata yawan da nake shafawa, na ɗiga a tafin hannu, ta girgiza kai. Adadin da ke ba da kariyar da aka rubuta a jikin kwalba ya kai layi biyu na mai a tsawon yatsu biyu, manuni da na tsakiya, ga fuska da wuya. Abin da nake sawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na hakan ba. Na gaya mata gaskiya: idan na sa da yawa fuskata fari take yi kamar an barbaɗa mata toka, kuma tun ina yarinya nake jin cewa baƙar fata ba ta bukatar wannan abin. Ta ce melanin yana rage mana ƙunar rana, haka ne, amma wurin da ke da tabo ƙwayoyinsa a farke suke, rana kaɗan ta ishe su su ƙara zuba launi. Sannan ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba. A fata mai duhu, hasken da ido ke gani ma, musamman ɓangarensa mai shuɗi, yana sa duhu mai daɗewa, kuma man rana na gama-gari ba ya tare shi. Wanda ke tarewa shi ne mai launi, wanda aka sa wa sinadarin tsatsar ƙarfe. Shi ne kuma ba ya barin farin nan a fuska idan an dace da launin. Na gwada uku kafin in sami wanda ya shige cikin fatata.

Ina sake shafawa da azahar idan zan fita ko na yi gumi.

27 ga Afrilu

Ƙuraje biyu suka fito mini mako ɗaya a goshi, kusan girma ɗaya, ɗaya dama ɗaya hagu. Na hagu na matse shi ina karatu, hannuna ya riga tunanina. Na dama na manna masa ɗan filastan nan na ƙuraje mai tsotse ruwa, na bar shi. Ban shirya gwaji ba, amma tunda ya zo haka zan bi su.

25 ga Mayu

Wannan watan ya yi mini nauyi. Sama da wata huɗu ina shafe-shafe safe da dare, kuma wanda bai ga hotuna ba ba zai ce an yi komai ba.

Yayata ta zo ta dubi fuskata ta ce: "Ke dai kina wahalar da kanki. Ga mai nan da ƙawata ta haɗa, sati biyu za ki ga kin washe." Na ce: "Yaya, me aka sa a ciki?" Ta ce ita ma ba ta sani ba, amma yana aiki. Robar ba rubutu ko ɗaya a jikinta. Na san don ƙauna ta kawo, kuma na daɗe ina juya robar a hannuna kafin in mayar mata.

Man da ke haskaka fuska cikin mako biyu galibi sitiroyid mai ƙarfi ne a ciki, irin su kilobetasol ko betametason, wani lokaci da haidirokwinon mai yawa, maganin da ke rage launin fata, wani ma har da makuri, wato zaiba. Sitiroyid yana kashe kumburi ya kuma dusashe launi da sauri, shi ya sa makonnin farko suke burge mutum. Daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta bayyana, wasu ƙuraje ƙanana masu kama ɗaya su feso. Ranar da aka daina kuma fuska ta ɗau zafi, duhun ya dawo ya fi na da. Haidirokwinon da aka daɗe ana shafawa ba tare da kulawar likita ba yana iya kawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda yake da wuyar magani ƙwarai. Na roƙi Yaya ta kai robar wa likita kafin ta ci gaba, kada kuma ta yanke shi rana ɗaya idan ta daɗe tana shafawa, domin sitiroyid a hankali ake janye shi.

Na goshi: wanda na bari ya bar ɗan tabo milimita 2, mai haske. Wanda na matse milimita 5 ne, kuma ya fi duhu nesa ba kusa ba.

6 ga Yuli

Wata shida. Na jera hoton Janairu da na yau na daɗe ina kallo.

Na kunci ya tafi. Sai na duba tsohon hoto kafin in gane inda yake. Daga warkewar ƙurjin zuwa yau wata bakwai ke nan. Na haɓa ya koma milimita 5, ya tashi daga duhu sosai zuwa ƙasa-ƙasa, kuma ya rabu gida biyu da ɗan layin lafiyayyar fata a tsakani. Duhun gefen baki ya ragu fiye da rabi. Jimillar tabo 14 ne yanzu daga 23, duk da sababbin da suka shigo a hanya. Ƙuraje biyu kacal na samu a Yuni, kuma na kai dare biyar a mako da adafalin ba tare da raɗaɗi ba.

Abin da na lura a nawa shi ne ba sa yin haske gaba ɗaya lokaci guda. Gefe ne ke fara narkewa, sai tsakiyar ta yi dabbare-dabbare, sannan ta ɓace. Shi ya sa rula ta fi ido saurin ganin canji. Na kuma lura idan na yini a rana duk suna ƙara fitowa na wasu kwanaki, don haka ba na ɗaukar hoton wata washegarin irin wannan yinin.

Na muƙamuƙi har yanzu milimita 9, launin tokarsa bai canja ba. Na tambayi likita ko haidirokwinon zai taimaka masa. Ta ce magungunan nan duka aikinsu rage sabon launin da ake haɗawa ne, ko hanzarta saɓar fatar sama. Launin da ya riga ya faɗa ƙasa babu wanda ke kai gare shi cikinsu, jiki ne ke kwashe shi a hankali. Na tambayi batun cire tabo da hasken leza, da saɓar fata da asid a asibiti. Ta ce ana yi, amma a fata irin tawa zafin leza ko saɓar da ta yi zurfi na iya haifar da sabon duhu da ya fi wanda aka je cirewa, don haka sai a hannun wanda ya saba da baƙar fata, sai an gwada a ɗan wuri, kuma sai ƙurajen sun kwanta sosai. Ta ce mu ba shi lokaci tukuna.

Ga na haɓa kuwa, tunda launinsa a sama yake, ta ba ni haidirokwinon mai kashi 4 cikin ɗari na mako 12 kawai, a kan tabon kaɗai, da dare, da auduga mai tsinke. Ta ja kunnena kada in bari ya malala gefe, domin zai haskaka lafiyayyar fatar ya yi wa tabon farin zobe, sai ya ƙara fitowa.

17 ga Agusta

Zoben ya fara fitowa, siriri, a ƙasan tabon haɓa. Ina shafa man laushi nan take bayan maganin, ashe yana jan sa ƙasa. Yanzu ina jiran minti goma sha biyar, kuma na rage ɗigon. Tabon kansa yana sauka da sauri fiye da da.

Ƙaramin na goshi, wanda ban taɓa ba, ya ɓace tun ƙarshen Yuli, wata uku ke nan da fitowar ƙurjin. Wanda na matse yana nan, milimita 4.

5 ga Oktoba

Na kammala mako 12 na haidirokwinon a ƙarshen Satumba, na ajiye shi kamar yadda aka ce. Na haɓa ya zama inuwa, sai a hasken taga ake ganinsa. Zoben ya cike da kansa cikin mako uku. Ina ci gaba da azelayik a wurin don kada ya dawo. Gefen baki ya koma daidai da sauran fuska, wata takwas bayan daren da na dirje shi.

7 ga Disamba

Tabo 6 suka rage. Ƙurji ɗaya ko biyu nake samu a wata, galibi kwanaki kaɗan kafin al'ada, kuma ina ajiye filasta a jaka da kan teburin karatu don in rufe su kafin hannuna ya kai. Na goshin da na matse ya kusa tafiya, wata bakwai da 'yan kwanaki bayan fitowarsa, ya ninka lokacin ɗan'uwansa har da ƙari.

Na muƙamuƙi yau na auna shi sau uku don in tabbatar: milimita 8. Launin toka ne har yanzu, amma idan na ɗora hoton yau kusa da na Janairu, shuɗin da ke ciki ya ɗan yi sanyi, kuma farar takardar ta fito iri ɗaya a hotunan biyu, don haka ba hasken waya ba ne. Shekara biyu ke nan kusan tun ƙurjin da ya bar shi.

Likita ta ce in ci gaba da adafalin da azelayik da man rana yadda nake yi, in dawo a Maris, a lokacin ne za mu duba ko za a gwada wani abu a ɗan gefen na muƙamuƙin. Hoto na gaba 6 ga Janairu, ƙarfe tara na safe.